Yadda ake amsa wa masu bitar maƙala ba tare da an sarayar da aiki ba

Wanda ya zo karatun digiri na biyu ko na uku a ƙasar waje, ba zai daɗe ba sufabaizansa zai ce masa lokaci ya yi da za a tura maƙala zuwa mujalla. Bayan wasu makonni ko watanni saƙo zai shigo daga edita, a samansa an rubuta "Major revision", a ƙasa kuma ga sharhin masu bita, wato masana biyu ko uku da ba a bayyana sunayensu ba, kowa da jerin ƙorafinsa. Sababbin zuwa da yawa suna karanta wannan saƙo jikinsu ya yi sanyi, su ɗauka an yi watsi da aikinsu. Ba haka ba ne. Da an ƙi maƙalar, "Reject" za ka gani. Shi kuwa "Major revision" yana nufin edita ya bar ƙofa a buɗe, yana jiran gyararriyar maƙala tare da wasiƙar da ke amsa kowane ƙorafi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na fi so sabon zuwa ya riƙe shi ne, mai bita shawara yake bayarwa, edita ne mai yanke hukunci. Saboda haka wasiƙarka, ko da mai bita take amsa wa, editan take yi wa magana. Shi kuma ba ya neman ka amsa da "to" a kan komai. So yake ya ga ka fahimci kowace magana, ka gyara inda ya kamata, inda ka ƙi kuma ka kawo hujjar da zai iya dubawa da kansa. Ɗalibin da ya karɓi duk abin da aka ce don gudun kada a ce ya yi gardama da manya, sau da yawa maƙalarsa takan fito ta fi ta farko rauni, domin wani lokacin mai bita ne ya yi kuskure.

Tsarin wasiƙar ba shi da wuya. Ka fara da gajeriyar godiya ga edita da masu bita, da jimla biyu ko uku da ke faɗin manyan canje-canjen da aka yi. Daga nan ka kwafo kowane sharhi yadda yake, ba ragi ba ƙari, ka ba shi lamba, misali 2.3 ga magana ta uku ta mai bita na biyu. A ƙarƙashinsa ka sa amsarka da wani launi ko salon rubutu daban, ka kawo sabuwar jimlar da ka saka a maƙala, ka faɗi shafi da layin da take. Idan sharhi ɗaya ya ƙunshi tambaya uku, ka raba shi gida uku, don wadda ka tsallake ita ce za a dawo maka da ita.

Yawancin sharhin ƙananan abubuwa ne: a gyara taken jadawali, a bayyana wata taƙaitacciyar kalma, a ƙara girman rubutun hoto. Ka yi su duka ba musu, ko da kana ganin ba su zama dole ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Editan da ya ga ka karɓi magana goma sha biyar zai saurare ka da kyau a kan biyun da ka ƙi.

Wahalar tana kan waɗannan biyun, don haka bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ta kwatanta yawan kwanakin da marasa lafiya suka yi a asibiti tsakanin rukuni biyu, kowane rukuni mutum 18. Ta yi amfani da gwajin Mann-Whitney U. Mai bita na biyu ya rubuta cewa bai ga dalilin hakan ba, gwajin t ne aka saba, a sake lissafin da shi.

Kafin ta rubuta ko kalma ɗaya, sai ta koma kan alƙalumanta ta tambayi kanta ko mutumin yana da gaskiya. A rukunin farko, mutum 16 sun yi tsakanin kwana 3 zuwa 6, jimillar kwanakinsu 72, wato matsakaicinsu kwana 4.5. Sauran biyun sun sami matsala, ɗaya ya yi kwana 41, ɗaya 55. Da aka haɗa su, jimilla ta koma 168, aka raba wa mutum 18, matsakaici ya haura kwana 9. Ka ga ke nan adadin da ba ya wakiltar kowa: mutum 16 suna ƙasa da shi sosai, biyu suna can sama. Gwajin t matsakaici yake kwatantawa, kuma idan mutane kaɗan ne yana buƙatar alƙaluman su taru a tsakiya ba tare da sun karkata gefe guda sosai ba. Shi kuwa Mann-Whitney jera mutane yake yi daga ƙarami zuwa babba ya yi aiki da matsayinsu a jerin, saboda haka mai kwana 55 shi ne na ƙarshe kawai, ba ya jan sakamakon gaba ɗaya zuwa wajensa. Zaɓinta yana da tushe.

Amma akwai wani abu da ya kamata ta lura da shi. Idan mai bita bai ga dalilin ba, to galibi maƙalar ce ba ta faɗi dalilin ba. Mai karatu na gobe ma zai yi irin wannan tambayar, kuma shi ba zai ga wasiƙarta ba. Shi ya sa ko ka ƙi abin da aka nema, kada ka bar maƙalar yadda take a wannan wurin. Ga yadda amsarta za ta kasance idan an faɗe ta da Hausa:

"Mun gode da wannan tambaya, ta nuna mana cewa ba mu bayyana dalilin zaɓinmu ba a rubutun farko. Mun ci gaba da amfani da Mann-Whitney U a matsayin babban gwaji, saboda alƙaluman sun karkata sosai: a rukunin farko mutum 16 cikin 18 sun yi kwana 3 zuwa 6, biyu kuma sun yi 41 da 55. Mun ƙara wannan bayani a shafi na 7, layi na 142 zuwa 148, da hoton da ke nuna kwanakin kowane mutum a rataye, wato sashen ƙarin bayani da ke bin maƙalar. Domin a ga ko sakamakon ya dogara da irin gwajin, mun kuma yi gwajin t bayan mun mayar da kwanakin zuwa logaridim, sakamakon yana Jadawali na S2, kuma ya nuna bambanci ta fuska ɗaya da na farko."

Dubi abin da ke ciki. Ba ta ce mai bita ya yi kuskure ba, ba ta kuma nemi gafara kamar wadda ta yi laifi ba. Jimla ta biyu ta faɗi matsayinta a fili, don kada edita ya gama karantawa bai san ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Wannan ɓoye matsayi shi ne ciwon da na fi gani a wasiƙun sababbin zuwa: sakin layi guda cike da yabo da girmamawa, amma ba amsa a ciki. Sannan hujjarta alƙalumai ce da kowa zai iya ƙirgawa. Ba ta ce "haka aka saba a fanninmu" ko "sufabaiza ne ya ce" ba, domin waɗannan ba sa gamsar da kowa. A ƙarshe ta ba shi abin da ya nema, amma a rataye, inda ba zai ture babban lissafinta ba.

To idan ta yi gwajin na biyu ya saɓa wa na farko fa? A nan ne ake gane mai kare aiki da mai kare girman kai. Ba ta da ikon ɓoye shi. Sai ta kawo duka biyun, ta sassauta lafazin da ta kammala maƙalar da shi, ta faɗa cewa da mutum 18 a kowane rukuni sakamakon bai tsaya da ƙafarsa sosai ba. Mujalla takan karɓi irin wannan gaskiyar, abin da ba ta yafewa shi ne a gano daga baya an yi lissafi an binne.

Wani lokacin abin da aka nema ba zai yiwu ba sam, kamar a ce ta ƙaro marasa lafiya alhali an rufe binciken kuma izinin kwamitin ɗa'a ya ƙare. Kada ta kawo uzurin cewa kuɗin tallafinta ya kusa ƙarewa ko bizarta na gab da cika, duk da cewa na san waɗannan su ne ke hana ɗalibi barci. Ta yarda cewa ƙarin mutane zai ƙarfafa aikin, ta faɗi dalilin da ya hana, ta rubuta shi a sashen da ke bayyana iyakokin bincike, ta nuna cewa abin da ta yi iƙirari bai wuce abin da mutum 36 za su iya nunawa ba.

Idan kuma masu bita biyu suka yi karo, ɗaya ya ce a taƙaita gabatarwa ɗaya ya ce a faɗaɗa, ka zaɓi ɗaya, ka gaya wa kowannensu abin da ɗan'uwansa ya nema da dalilin zaɓinka. Wanda ya turo jerin maƙalun da ba su da alaƙa da aikinka ya ce lallai ka ambace su, ka sa wadda ta dace, sauran ka ce ka duba ba su shafi tambayarka ba. In abin ya yi yawa, ko an yi maka magana ta cin mutunci, wurin faɗa shi ne wasiƙar da edita kaɗai ke gani, ba amsar da za ta koma hannun mai bita ba.

Kada ka tura komai sai duk waɗanda sunansu ke kan maƙalar sun karanta amsar sun amince, musamman wuraren da kuka ƙi, domin da sunansu kake magana. Lambobin layi kuma su ne abu na ƙarshe da za ka cike, tun da kowane ƙaramin gyara yana gusar da su. Mujallu da yawa suna son kwafi biyu, mai tsabta da wanda ke nuna canje-canje ta Track Changes, sai ka faɗa a farkon wasiƙa wanne lambobinka suke nufi. Idan ka ga wa'adin da aka ba ka ba zai isa ba, ka rubuta wa ofishin mujallar tun kafin ranar ta zo, ka faɗi aikin da ya rage da ranar da za ka gama. Galibi suna ƙarawa, amma a wasu mujallun idan wa'adi ya wuce ba ka ce komai ba, maƙalar takan koma layin sababbi, a sake nemo mata wasu masu bita daga farko.