Rubutun godiya bayan taro

Rubutun godiya ya fita kafin kwana ɗaya ya cika da tashin taro, tun ana yawo da hotunan.

A ce taron horar da mata sana'ar sabulun ruwa aka yi. Layi biyun farko su ɗauki abin da aka yi da wurin, don Facebook na yanke dogon rubutu, ba kowa ke latsawa ya ƙarasa ba. Godiya ta biyo: mahalarta, sai masu ɗaukar nauyi, kowa da abin da ya kawo, wane ɗakin taro, wance sinadarai. A nan ake yawan samun matsala. A duba wasiƙarsu a kwafo suna da muƙami daidai. Wanda aka tsallake ko aka sauke masa "Hajiya" ba lallai ya yi magana ba, sai an koma neman tallafi a ga sanyin jiki. Wanda ya ce a sakaya sunansa kuwa, addu'a ta wadatar.

Kada a ce "taro ya yi armashi" a tsaya. A faɗi mutum nawa aka horar, daga rajistar halarta. A nemi izini kafin a ɗora hoton fuskar kowa.

Gayyatar taro na gaba ta zo ƙarshe: rana, lokaci, wuri, da wanda za a tuntuɓa.