Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rubuta Ƙuduri da Gyare-gyarensa a Rahoton Taro

A wata ƙungiyar 'yan kasuwar kayan miya da ke nan Jos, wadda na taɓa taya sakatarenta duba littafin taro, na ci karo da layi guda da ya jawo rigimar da ta kusa raba kan mambobi. Abin da aka rubuta shi ne: "An tattauna batun karo-karon gyaran rumfar ajiya, kuma an amince da shi bayan gyare-gyare." Da aka shiga wata na bakwai ma'aji ya ci gaba da karɓar kuɗi, wasu suka ce karo-karon na wata shida ne kuma ya ƙare, wasu suka ce ba su tuna an yanka wa'adi ba. Aka ɗauko littafi domin ya raba gardama, sai aka tarar babu adadin kuɗi a ciki, babu wa'adi, babu ko kalma ɗaya daga cikin abin da aka ɗaga hannu a kansa. Wani dattijo ya dubi sakataren ya ce, "Malam Sakatare, mun ji an amince, to da me aka amince?" Sakataren bai yi ƙarya ba, domin lallai an tattauna kuma an amince, amma ya rubuta labarin taron ne ya bar kalmomin da taron ya ɗaure kansa da su.

Ga yadda abin ya gudana a ranar, kamar yadda muka harhaɗo shi daga 'yar takardar da shugaba ya yi rubutu a kanta. Mutum 40 ne ke da ƙuri'a. Wani mamba ya gabatar da ƙuduri cewa kowa zai biya naira 2,000 duk wata daga Janairu domin gyaran rumfar ajiya, aka mara masa baya. Wani ya kawo gyara cewa a mai da kuɗin 1,500. Kafin a kaɗa ƙuri'a a kan wannan, wata Hajiya ta nemi a gyara gyaran kansa, a mai da shi 1,000, amma ba ta samu rinjaye ba. Gyaran 1,500 ya wuce. Daga nan wani ya nemi a ƙara cewa biyan na tsawon wata shida ne, shi ma ya wuce, sannan aka kaɗa ƙuri'ar ƙarshe.

Kuskuren farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne barin asalin ƙudurin ya ɓace. Sakatare yakan rubuta ƙuduri da fensir lokacin da aka gabatar da shi, da gyara ya wuce sai ya goge 2,000 ya ɗora 1,500 a gurbinsa, har a ƙarshe littafi ya nuna kamar mai ƙudurin da bakinsa ya nemi 1,500. Wannan ya jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba, kuma ya mai da gyaran abu marar ma'ana, domin mai karatu zai ga an ce a cire 2,000 alhali babu 2,000 a ko'ina. Maganinsa shi ne a rubuta asalin ƙudurin sau ɗaya, cikin alamar zance, da kalmomin da shugaba ya karanta wa taro bayan an mara baya, sannan kada a sake taɓa wannan layin. Idan mai ƙudurin ya yi ta zagaye a maganarsa, kamar yadda aka saba, sakatare yana da damar ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a karanto mana ƙudurin yadda za a rubuta shi," kuma ya fi kyau a miƙa wa mai ƙudurin takarda ya rubuta da hannunsa. Minti biyu da za a ɓata a nan sun fi sauƙi a kan zaman sulhu bayan wata bakwai.

Na biyu shi ne rubuta gyara da ma'ana maimakon da kalmomi. "An nemi a rage kuɗin" ba gyara ba ne, bayanin niyyar mai gyara ne. Gyara aiki ne da ake yi wa jimla, kuma hanyoyinsa ƙalilan ne: ko a cire wasu kalmomi, ko a ƙara wasu, ko a cire wasu a sa wasu a madadinsu. Saboda haka dole rahoto ya faɗi kalmomin da za su fita, da waɗanda za su shiga, da kuma daidai wurin da za su zauna. Wurin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan aka rubuta "zai biya na tsawon wata shida domin gyaran rumfa," wa'adin biyan kuɗi aka yanka. Idan kuwa kalmomin suka faɗa bayan "gyaran rumfa," wani zai iya cewa aikin gyaran ne zai ɗauki wata shida, biya kuwa ba shi da iyaka, kuma jimlar ba za ta ƙaryata shi ba.

Akwai kuma al'adar watsar da gyaran da ya faɗi, da tunanin cewa tunda bai wuce ba babu amfanin ɓata tawada. Ni ban yarda da wannan ba. Gyaran da aka kaɗa ƙuri'a a kansa hukunci ne na taro, ko ya wuce ko ya faɗi, kuma rubuta shi ne kawai zai nuna cewa taro ya duba 1,000 ya ƙi, ta yadda wanda bai halarta ba ba zai zo daga baya ya ce ba a ba masu ƙaramin jari damar magana ba. Gyaran da babu wanda ya mara masa baya, ko wanda mai shi ya janye kafin ƙuri'a, hukuncinsa yana ga tsarin mulkin ƙungiya. Da yawa ba sa rubuta shi, kuma babu laifi a hakan muddin ana bin hanya ɗaya a kowane taro.

Wurin da sakatarori suka fi ruɗewa shi ne tsarin jerin ƙuri'u. Ana gabatar da abubuwa daga ƙuduri zuwa gyara zuwa gyaran gyara, amma ana kaɗa ƙuri'a ne daga na ƙarshe a komo baya, wato gyaran gyara tukuna, sai gyara, sai ƙudurin kansa. Rahoto ya kamata ya bi wannan tafiya yadda ta faru. Babban haɗarin kuwa shi ne ɗaukar wucewar gyara a matsayin wucewar ƙuduri. Mutum yana iya goyon bayan a rage kuɗi zuwa 1,500 domin ya sassauta abin da ba ya so, sannan ya ƙi karo-karon baki ɗaya a ƙuri'ar ƙarshe. Idan shugaba ya manta ya sa ƙudurin da aka gyara a ƙuri'a, jama'a suka watse da tafi, to babu abin da aka zartar, kuma ba aikin sakatare ba ne ya toshe wannan giɓi da alƙalaminsa. Aikinsa shi ne ya tunatar da shugaba tun ana zaune. Wanda ya taɓa duba bayanan zaman Majalisar Wakilai a Abuja zai ga haka ake yi a can: ana nuna gyaran da aka gabatar da kalmominsa, a faɗi ko an amince da shi, sannan a nuna tambaya ta daban a kan ƙudurin kamar yadda aka gyara shi.

Da an bi wannan, shafin littafin 'yan kasuwar nan zai kasance kamar haka:

Asalin ƙuduri, bayan an mara masa baya: "Kowane mamba zai biya naira 2,000 duk wata, daga watan Janairu, domin gyaran rumfar ajiya."

Gyara na 1: a cire "2,000" a sa "1,500". Gyara a kan gyara na 1: a cire "1,500" a sa "1,000", masu goyon baya 14, masu adawa 24, biyu sun ƙaurace, ya faɗi. Ƙuri'a a kan gyara na 1: masu goyon baya 27, masu adawa 11, biyu sun ƙaurace, ya wuce.

Gyara na 2: a ƙara "na tsawon wata shida" bayan "daga watan Janairu"; masu goyon baya 33, masu adawa 5, biyu sun ƙaurace; ya wuce.

Ƙuduri kamar yadda aka gyara shi: "Kowane mamba zai biya naira 1,500 duk wata, daga watan Janairu, na tsawon wata shida, domin gyaran rumfar ajiya." Masu goyon baya 31, masu adawa 7, biyu sun ƙaurace, an zartar.

A lura cewa kowace ƙuri'a idan aka haɗa ta tana komawa 40. Idan lissafi bai cika ba, ko dai wani ya fita daga ɗaki, wanda ya kamata a rubuta, ko kuma ƙidayar ta sami matsala. A kuma lura cewa matanin ƙarshe an rubuta shi cikakke, ba a ce "an zartar kamar yadda aka gyara" aka yi shiru ba. Barin mai karatu ya haɗa gyare-gyare da kansa kuskure ne mai zaman kansa, domin ma'aji da zai karɓi naira 9,000 daga kowane mamba, ko banki da zai nemi kwafin matsayar kafin ya canza masu sa hannu a asusu, wannan sakin layi ɗaya kawai suke bukata. Hanyar gwada shi mai sauƙi ce: a ɗauki asalin ƙudurin, a aiwatar da gyare-gyaren da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, a ga ko sakamakon ya yi daidai da matanin ƙarshe kalma da kalma. Idan wata kalma ta bayyana wadda babu gyaran da ya kawo ta, to sakatare ne ya kawo ta, ko da kuwa da niyyar ƙawata jimla ne, kuma dole ta fita.

A Jos akwai wata matsala da ta fi damun mu, wato a yi taro da Hausa a rubuta rahoto da Turanci, musamman a ƙungiyoyin da suka haɗa mutane masu harsuna dabam-dabam. A wajen fassara ne "zai biya" ke komawa "zai iya biya," wajibi ya zama ganin dama. Abin da nake gani daidai shi ne a rubuta ƙuduri da gyare-gyarensa da harshen da aka kaɗa ƙuri'a da shi, a sa fassara a ƙarƙashi idan ana bukata, a kuma bayyana wanne ne asali.

Idan an riga an yi kuskuren, wurin gyara shi ne taro na gaba, lokacin da ake karanta rahoton baya domin amincewa. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. Ana jan layi ɗaya a kan abin da ba daidai ba yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata, sannan rahoton sabon taron ya ambaci gyaran. Sai dai wannan ƙofa ta daidaita rubutu da abin da ya faru ce kawai. Wanda ya kwana ya ga cewa 1,500 ta yi masa yawa ba zai shigo ta nan ba, sai ya kawo sabon ƙuduri na sauya matsayar. 'Yan kasuwar nan kuwa sun riga sun amince da rahoton mai layi ɗaya tun a taron da ya biyo baya, don haka sai da suka kawo ƙuduri na musamman na gyara shi, bisa takardar shugaba da shaidar waɗanda suka halarta, aka rubuta cikakken matanin, sannan ma'aji ya mayar wa mutum goma sha ɗaya kuɗin wata na bakwai da ya riga ya karɓa.