Shawara ga akanta mai shirin barin aiki saboda canjin gari

Jama'a salamu alaikum. Wata ƙanwata akanta a wani kamfani a nan Jos za ta koma Abuja saboda an yi wa mijinta canjin wurin aiki, tare muka rubuta imel ɗin ajiye aikinta, shi ne na ce bari in ɗan faɗa muku.

Kafin komai ta samu oga ta faɗa masa baki da baki, kada ya fara gani a waya, wannan yana ɓata zumunci sosai wallahi. Sannan ta duba takardar ɗaukar aikinta, notis na wata ɗaya ne, sai ta sa ranar ƙarshe ta faɗo bayan rufe lissafin wata ba tsakiyarsa ba.

Imel ɗin gajere ne. "Ranka ya daɗe, ina sanar da kai zan ajiye aiki, ranar ƙarshe 30 ga Yuni, saboda iyalina za su koma Abuja. Na gode da amanar da aka ba ni." Ba ƙorafin albashi, ba sunan kowa.

Inda ya fi muhimmanci ga akanta shi ne miƙa aiki, don kuɗin mutane ne a hannunka. Ta rubuta cewa za ta daidaita lissafin banki da na ofis, ta gama albashin Yuni da harajin ma'aikata da fansho, ta jera basussukan da kamfani ke bi da waɗanda ake bin kamfani, ta miƙa littafin cek da token ɗin banki a rubuce a sa mata hannu, kuma a cire sunanta daga masu sa hannu a asusu. Don Allah kar ku manta wannan, in kuɗi ya fita bayan tafiyarku sunanku za a fara kira.

A ƙarshe ta bar lambarta, ta ce in odita ya zo da tambaya a kira ta.