Man Dizal a Lokacin Sanyi: Lambar Siten da Daskarewar Kaki

Mai manyan motoci yakan ji direba ya ce mota ta ƙi tashi saboda sanyi, sai a ɗora laifin a kan batir ko a ce man ba shi da kyau. Sanyi yana jawo wa man dizal matsala iri biyu, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayar. Ta farko ita ce man ya isa cikin inji amma ya yi jinkirin kamawa, ta biyu kuwa ita ce man ya kasa isa injin gaba ɗaya.

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar injin fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Tsakanin fesawa da kamawa akwai ɗan jinkiri wanda bai kai ƙiftawar ido ba, kuma lambar siten ita ce ma'aunin wannan jinkiri: idan lambar ta yi sama, man yana saurin kamawa. An samo sunan daga wani sinadari mai suna siten, wanda aka ba shi lamba 100 saboda saurin kamawarsa, ana kuma gwada sauran mai da shi. Ƙa'idar Amurka, ASTM D975, ta sa 40 a matsayin mafi ƙaranci, ta Turai kuwa, EN 590, ta sa 51.

Da sanyin safiya ƙarfen injin yana shanye zafin iskar da aka matse, don haka man da lambarsa ta yi ƙasa sai ya ƙara jinkiri. Direba zai ga sitata tana ta juya inji kafin ya kama, farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana fita ta salansa, injin yana ƙwanƙwasa yana karkarwa. Dalilin ƙwanƙwasar shi ne man da ya taru a lokacin jinkirin yana kamawa a tashi ɗaya. Da zarar injin ya ɗumama, sai duk wannan ya lafa. Abin lura shi ne lambar siten ba ta nuna yawan ƙarfin da ke cikin litar mai, kuma idan ta wuce abin da kamfanin da ya ƙera injin ya nema, ribar da ake ƙara samu kaɗan ce.

Matsala ta biyu ta fi tsayar da motoci a hanya. A cikin man dizal akwai kaki irin na kyandir, a narke, ba a ganinsa muddin akwai ɗumi. Idan sanyi ya kai wani mataki, sai kakin ya fara fitowa ƙanana-ƙanana, man da yake garau ya koma kamar hazo ya shiga cikinsa. Wannan shi ne matakin hazo. Idan sanyin ya ƙaru, ƙwayoyin kakin sukan girma su liƙe a jikin filta har mai ya daina wucewa, kuma a takardar ingancin mai ana rubuta wannan mataki da haruffa CFPP. Can ƙasa da shi akwai inda man yake yin kauri ya ƙi zuba, amma mota takan tsaya tun kafin a kai nan, domin filta ce take fara toshewa.

A nan ne masu motoci da yawa suke ruɗewa. Sinadaran da suke ɗaga lambar siten a cikin mai su ne dangin kakin nan da yake fara daskarewa, saboda haka mai yana iya zama da lamba 55 amma ya toshe filta a daren da wani mai lamba 45 yake gudana lafiya. Wanda ya sayi mai don lambar siten kaɗai bai sayi kariya daga daskarewa ba.

Saboda wannan ne aka raba dizal aji-aji. A tsarin Amurka akwai 2-D, wanda shi ne man yau da kullum na manyan motoci, da 1-D, wanda ya fi ruwa-ruwa, ya yi kusa da kananzir, kakinsa kaɗan ne. Shi 1-D yana jure sanyi, sai dai ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na 2-D ba, don haka mota za ta ɗan ƙara shan mai, kuma santsinsa ya gaza, alhali famfon mai da nozul da santsin man suke aiki. A tsarin Turai an jera ajin daga A zuwa F bisa CFPP: ajin A digiri 5 ne a ma'aunin Salshiyas, ajin B sifiri, haka ake sauka biyar-biyar har ajin F, wato digiri 20 ƙasa da sifiri.

A ɗauka mota ta cika tankinta mai cin lita 400 da 2-D a wuri mai ɗumi, kuma matakin hazon man digiri 2 ne ƙasa da sifiri. Ta yi tafiyar yini, ta kwana a inda sanyi ya sauka zuwa digiri 10 ƙasa da sifiri. Da safe injin zai iya tashi, domin akwai sauran mai a bayan filta, amma bayan 'yan mintoci sai ƙarfi ya ragu, ya fara sarƙewa idan an taka totur, daga nan ya mutu. Idan makaniki ya kwance filtar, zai tarar da wani abu fari-fari ko rawaya-rawaya mai maiƙo ya lulluɓe takardarta, wanda yake narkewa idan an murza shi da yatsa. In kuwa abin da ya gani ƙanƙara ce a gindin kofin da yake raba ruwa da mai, to laifin ruwa ne, shi kuwa ruwa tun daga sifiri yake daskarewa, ko da man na aji mai kyau ne.

Da an yi shiri tun farko, lissafin mai sauƙi ne. Tazarar da ke tsakanin matakin hazon man da sanyin daren digiri 8 ce. A ƙiyasin da masu aikin suke bi, kowane kashi 10 cikin ɗari na 1-D da aka gauraya yana sauke matakin hazo da kamar digiri ɗaya zuwa biyu, ke nan ana buƙatar kusan rabi da rabi, lita 200 na kowanne. Ƙiyasi ne, tunda mai ya bambanta daga matata zuwa matata, don haka hanya mafi aminci ita ce direba ya isa yankin sanyi da ɗan mai a tanki, ya cika da man hunturu da ake sayarwa a can.

Akwai kuma sinadarin hana daskarewa da ake zubawa a tanki. Ba ya hana kakin fitowa, aikinsa shi ne ya sa ƙwayoyin su tsaya ƙanana yadda za su ratsa filta, shi ya sa dole a zuba shi tun man yana garau, kafin hazo ya bayyana, kuma ya fi gaurayuwa idan an zuba shi kafin a cika tanki. Idan man ya riga ya daskare, abin yi shi ne a kai motar wuri mai ɗumi har kakin ya narke, a sa sabuwar filta. Kada a hura wuta a ƙarƙashin tanki, kada kuma a zuba fetur don a tsinka man, domin fetur yana karya lambar siten, yana kashe santsi, yana kuma sa tururin cikin tanki ya zama mai saurin kama wuta.

Mai motocin da yake da tankin ajiya ya tuna cewa man da aka zuba masa lokacin zafi yana nan da halinsa har hunturu ya shigo. Ya nemi takardar inganci a kowane lodi, ya duba lambar siten da matakin hazo da CFPP, ya gwada su da sanyin dare mafi tsanani a hanyar da motocinsa suke bi, sannan ya sa a riƙa tsiyaye ruwan gindin tankin kafin sanyi ya kama.