Darasi na bakwai: Takardar neman istaji ta ɗalibin aji biyu a jami'a

Da yawa daga cikinmu a wannan aji muna da ɗa, ko ɗiya, ko ƙane da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi. Karatun lisansi shekara 3 ne. Idan ɗalibi ya kai shekara ta biyu, yakan fara neman wurin istaji, wato wurin da zai je ya koyi aiki da hannunsa na ɗan lokaci. Duk inda ya je, za a ce ya kawo takardar da ake rubuta wa CV a samanta. Takarda ce mai faɗin ko wane ne shi, me ya karanta, kuma me ya iya.

A nan ne yara da yawa ke tsayawa. Sai ka ji yaro ya ce: "Ni da ban taɓa aiki ko'ina ba, me zan rubuta?" Mai ɗaukar ɗan istaji ya san da haka. Bai sa ran ganin shekarun aiki ba. Abin da yake nema shi ne alamar cewa yaron ya taɓa riƙe wani aiki ya kai shi ƙarshe. Wannan alama tana cikin darussan da ya yi, da ayyukan da malamai suka ba shi, da hidimar da yake yi a cikin jami'a.

Tambayoyi uku

Ko ba ka jin Faransanci, za ka iya taimaka wa ɗanka ya tono waɗannan abubuwa. Ka zauna da shi ka tambaye shi: Me ka yi da hannunka? Nawa ne, ko kwana nawa? Me ya fito a ƙarshe? Duk layin da ya amsa tambayoyin nan ya cancanci shiga takarda.

Ga misali. A ce wata ɗaliba ce mai karatun aikin gona, tana son istaji a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna. Da farko ta rubuta: "Ina da ƙwazo, ina son aikin gona, na iya aiki da mutane." Ta karanta wa mahaifiyarta.

"To, ɗiyata, wannan ai kowa zai iya faɗa. Kwanakin baya da kika cika mini ɗaki da faranti da irin wake, me kike yi?"

"Inna, wannan ai tepe ne kawai, aikin gwaji da malam ya ba mu."

"Ƙwaya nawa kika sa?"

"Ɗari. Faranti huɗu, kowane da ashirin da biyar. Na yi kwana takwas ina yayyafa ruwa ina ƙirgawa. Tamanin da bakwai suka tsiro."

"To shi za ki rubuta."

Sai layin ya koma haka: "Na gwada tsirowar irin wake: ƙwaya 100 a faranti 4, na bi su kwana 8, kashi 87 cikin 100 suka tsiro. Na shigar da sakamakon a Excel, na rubuta rahoto mai shafi 5."

Ku duba bambancin. Ba ta ce tana da haƙuri ba, amma wanda ya karanta ya ga mai iya bin abu kwana takwas ba fashi. Ba ta ce ta iya kwamfuta ba, amma ya ga abin da ta yi da ita. Kuma mai aikin iri ya san wannan gwaji sarai, domin da shi ake gane ko iri ya isa a shuka. Tun daga takarda ya san inda zai sa ta aiki.

Idan aikin na rukuni ne, a faɗi haka, a kuma faɗi rabon da ya faɗo wa mutum: "Mu biyar ne, ni na riƙe ƙirga da rubuta sakamako." Wanda ya ɗauki aikin mutum biyar ya ce nasa ne shi kaɗai, tambaya biyu ta isa a gane shi ran ganawa.

Darussa da maki

Kada a kwashe duk darussan shekara biyu a zuba. A zaɓi uku ko huɗu da suka shafi wurin da ake nema. Ita wannan ɗaliba sai ta sa ilimin ƙasar noma, ilimin tsirrai da lissafin ƙididdiga. Da a wurin masu aikin ruwa take nema, da wasu darussan za ta zaɓa. Shi ya sa takarda ɗaya ba ta dacewa da kowane wuri, sai an ɗan gyara ta.

Maki a jami'a bisa 20 ake ba da shi. Idan ta samu 14 ko 15 a darasin da ya dace, ta rubuta. Idan 10 ne, ta sa sunan darasin kawai. Amma kada a ƙara ko rabin maki, domin ana iya neman takardar maki ta jami'a a gwada. Haka nan kada ta rubuta cewa tana da lisansi. Ta rubuta "shekara ta 2, ana kan karatu".

Hidima a cikin jami'a

Nan ma tambayoyin nan uku ne. "Ina cikin ƙungiyar ɗalibai" ba ya nuna komai. Amma "Ni ce ma'ajin ƙungiyar ajinmu, na karɓi gudummawar mutum 40, na riƙe littafin shiga da fita wata 6" ya nuna amana da iya lissafi. Wakilcin aji, dashen itatuwa, koyar da ƙananan ɗalibai, duk suna shiga idan an faɗi adadi da lokaci. A ganina har aikin gonar gida ya kamata ɗalibin noma ya sa, in dai da gaske ya yi. Yara suna jin kunyarsa, alhali wanda ya san shuka da noman farko da girbi ya riga abokansa nisa.

Tsarin shafin

Shafi ɗaya ya isa. A sama suna, lambar waya mai aiki da adireshin imel, sai layi ɗaya mai faɗin irin istajin da ake so da watannin da ake da sarari. Galibi da Faransanci ake bugawa, kuma kanun sassan su ne:

```
FORMATION
PROJETS ACADÉMIQUES
VIE ASSOCIATIVE
COMPÉTENCES
LANGUES
```

Na farko karatu ne, a fara da na yanzu sannan bak da shekarar da aka same shi. Na biyu ayyukan gwaji, na uku hidimar ƙungiya, na huɗu abin da aka iya, na biyar harsuna. A sa Hausa cikin harsuna. Wanda za a tura ƙauye ya yi magana da manoma, Hausarsa kayan aiki ce. In za a aika ta waya, a mai da ita PDF don kada layuka su watse.

Aikin gida

Ka zauna da ɗalibin gidanku ko na maƙwabta. Ka sa ya ba ka labarin aiki ɗaya da ya yi bana. Ka yi masa tambayoyin nan uku, ka rubuta amsar cikin layi biyu da Hausa a littafinka, da adadi a ciki. Ka zo da shi mako mai zuwa, za mu karanta a allo.