Yadda Za Ka Kare Kanka Idan An Ba Ka Takardar Tuhuma A Wurin Aiki

Ma'aikata da yawa a nan Sakkwato, da zarar masinja ya miƙo musu takardar tuhuma, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne neman wani babba da zai je ya roƙi maigida. Neman sulhu ba laifi ba ne, amma roƙon da aka yi a zaure ba ya shiga fayil. Ranar da kwamitin ladabtarwa zai zauna, ko ranar da magana ta kai gaban alƙali, abin da ke rubuce kaɗai za a duba. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa abu guda suke nufi, wato duk abin da ka faɗa da duk abin da ka nema ya kasance a takarda, kuma kana da kwafinsa.

Haƙƙin a saurare ka kafin a hukunta ka yana da tushe. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi sauraro na adalci, kotuna kuma sun daɗe suna cewa kwamitocin ladabtarwa na hukumomin gwamnati dole su bi ƙa'idoji biyu: a ji ta bakin wanda ake zargi, kuma wanda ke da hannu a rigima kada ya zama mai yanke hukunci a kanta. Mu ma a addini mun san wannan, domin Manzon Allah (SAW) ya umarci Sayyidina Ali da kada ya yi hukunci tsakanin mutum biyu sai ya saurari na biyun kamar yadda ya saurari na farko.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai akawu a wata ma'aikata da aka ba takarda ranar Litinin da ƙarfe 11 na safe, ana cewa ya yi fashin aiki ba izini, an kuma ba shi awa 48 ya yi bayani. Gaskiyar abin da ya faru ita ce an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ya yi kwana biyar yana jinya, ya kuma sanar da shugaban sashensu ta saƙon waya.

Mataki na farko: karɓi takardar

Kada ka ƙi karɓa, kada ka ɓuya. Sa hannu a littafin masinja shaida ce kawai ta cewa takarda ta iso ka, ba amsa laifi ba ce. Rubuta kwanan wata da lokaci kusa da sa hannunka, domin daga nan wa'adin zai fara ƙirguwa. Akawun namu ke nan yana da zuwa Laraba da ƙarfe 11. Wanda ya ƙi karɓa kuwa, za a rubuta cewa an ba shi dama ya yi watsi da ita, kuma doka damar kawai take buƙata a ba ka.

Mataki na biyu: duba ko tuhumar ta fito fili

Nan ne ya kamata ka zauna ka natsu. Takardar tuhuma ta gari tana faɗin abin da aka ce ka yi, da ranar da ka yi shi, da dokar da aka ce ka karya, da irin hukuncin da ke iya biyo baya. Idan aka rubuta maka "rashin ɗa'a" ko "sakaci da aiki" kawai, to ba ka san abin da za ka amsa ba, kuma duk wanda ya amsa tuhumar da bai fahimta ba yakan tona wa kansa abin da ba a ma tambaye shi ba.

A takardar akawun an ce ya yi fashin aiki "na tsawon lokaci", ba a ambaci ranaku ba. Abin da zai yi a ranar Litinin ɗin nan shi ne ya rubuta gajeriyar wasiƙa yana neman a bayyana masa ranakun, a ba shi kwafin shafukan rajistar zuwa aiki da duk wani rahoto da aka rubuta a kansa, sannan a ƙara masa lokaci har sai ya samu waɗannan. A Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya an tanadi cewa idan laifin na iya kai ga kora, a bar ma'aikaci ya ga takardun da za a kafa hujja da su a kansa. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya nemi dokokin aikin da suka shafe shi daga ofishin kula da ma'aikata ko daga ƙungiyarsa, na kamfani kuma ya buɗe takardar ɗaukarsa aiki da littafin sharuɗɗan aiki.

Gargaɗi guda: neman ƙarin lokaci ba ya tsayar da wa'adi. Idan Laraba ta yi ba a amsa maka a rubuce ba, miƙa amsarka, ka kuma faɗa a cikinta cewa ka nemi takardu kaza ranar kaza ba a ba ka ba.

Mataki na uku: rubuta amsa

Bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ka yi ba, ka musanta shi kai tsaye. Wanda ya faru, ka faɗi yadda ya faru da dalilinsa. Akawun zai ce gaskiya ne bai zo aiki ba daga ranar kaza zuwa ranar kaza, amma ba gaskiya ba ne cewa bai sanar ba, domin ya aika wa shugaban sashe saƙo a safiyar ranar farko, an kuma amsa masa da "Allah ya ba ta lafiya". Sai ya haɗa hoton saƙon da aka buga a takarda, da kwafin katin asibiti, da sunan abokin aikin da ya riƙe masa teburinsa. Kwafi zai bayar, na asalin ya zauna a gida.

Abin da ya fi damuna a irin waɗannan amsoshi shi ne wasiƙar da ke cike da "na tuba, a yi mini afuwa" tun daga farko har ƙarshe, ba tare da bayani ko ɗaya ba. Mu Hausawa ladabi muke nufi da ita, amma a fayil ana karanta ta a matsayin amsa laifi, kuma wanda ya amsa laifi a rubuce yana iya samun hukunci ba tare da an sake kiransa wani zama ba. Fashin aiki ba izini kuwa yana cikin manyan laifuffukan da ke kai ga kora a dokokin aikin gwamnati. Ka yi ladabi, ka bayyana nadama a kan abin da ka yi da gaske, misali rashin cike takardar neman hutu, amma kada ka ɗauki laifin da ba naka ba. Haka nan kada ka mai da amsar fagen zagin maigida ko tonon asirin wasu. Idan zargin ya shafi kuɗi ko takardun jabu, ga lauya kafin ka rubuta komai, domin abin da ka rubuta yana iya komawa hannun 'yan sanda.

A ƙarshen amsar, nemi abu uku: a ba ka damar bayyana gaban kwamiti, a bar ka ka kawo shaidunka, a kuma bar ka ka zo da mai rakiya. Buga kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka.

Mataki na huɗu: zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya

Ba kowane wurin aiki ne dokarsa ta ambaci wannan haƙƙi ba, shi ya sa ake nemansa a rubuce tun kafin ranar zama. A wasu wuraren yana cikin sharuɗɗan aiki ko yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da hukuma. Inda babu, kana iya kafa hujja da Shawara mai lamba 166 ta shekarar 1982 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ma'aikacin da ke kare kansa daga zargin da ka iya raba shi da aikinsa ya cancanci wani ya taimaka masa. Shawara ce, ba dokar ƙasa ba, amma sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duba kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya. Idan an hana ka, nemi a rubuta hanin a bayanan zaman.

Zaɓi mutum mai natsuwa wanda ya iya rubutu da sauri kuma ya san dokokin aiki. Malamin makaranta ya tuntuɓi NUT, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya tuntuɓi NULGE. Kada ka ɗauki wanda kake so ya ba ka shaida, domin za a iya cewa ya fita har sai an kira shi. Aikin mai rakiya shi ne rubuta duk tambayar da aka yi da amsar da ka bayar, da tuna maka takardar da ka manta, da neman a ɗan dakata idan ya ga ranka ya fara ɓaci. Amsa tambayoyi kuwa naka ne.

Mataki na biyar: ranar zama

Kafin a fara, dubi waɗanda ke zaune. Idan shugaban sashen da ya kai ƙarar akawun yana cikin 'yan kwamiti, sai akawun ya tashi cikin ladabi ya ce: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a rubuta cewa wanda ya kawo ƙarata yana cikin masu yanke hukunci." Wurinsa kujerar shaida ce, inda akawun zai tambaye shi ko saƙon ya iso masa, da kuma amsar da ya mayar. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tayar da tarzoma, kuma cikin dalilanta akwai cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna.

Nemi duk shaida ya yi magana a gabanka. Idan aka fito da takardar da ba ka taɓa gani ba, ko aka ɓullo da sabon zargi, misali aka ce ai kana ma yawan makara, ka ce ba ya cikin takardar tuhumar, a ba ka shi a rubuce tare da lokacin shiri. Idan Turanci yana yi maka nauyi, nemi yin bayani da Hausa. Kada ka sa hannu a bayanan zama sai ka karanta, kuma gyaran da kake da shi ka rubuta shi sama da sa hannunka.

Idan hukunci ya fito bai yi maka ba

Nemi hukuncin a rubuce, ka ɗaukaka ƙara ta hanyar da dokokin aikinku suka tsara, wato zuwa Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jiha, ko ta ƙananan hukumomi, ko majalisar gudanarwar makarantarku. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana sauraron ƙorafi kyauta. Kotun da ke da hurumin shari'ar kora ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Wanda doka ce ta tsara aikinsa, kamar ma'aikacin gwamnati na dindindin, kotu tana iya mayar da shi bakin aiki da albashinsa na baya idan an tsallake matakan nan, ma'aikacin kamfani kuwa galibi diyya yake samu. Lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 na shigar da ƙara a kotu, don haka ka kai fayil ɗinka wurin lauya tun a makon da takardar hukunci ta zo hannunka, ko da kana jiran amsar ɗaukaka ƙara.