Darasi na 7: Yadda waya za ta ba da amsa a madadinka lokacin da kake cikin aiki

Tela a Garwa, sati biyu kafin Sallah, ƙafarsa na kan keke hannunsa na kan shadda, waya kuma tana ta ruri a gefe. In ya ɗauka aiki ya tsaya, in bai ɗauka ba Hajiya mai kaya ta ce ai guje mata yake yi don bai gama ɗinkin ba. A wannan darasin za mu bi wani tela, mu kira shi Malam Sani, mu ga abin da zai saita a wayarsa. Mai shago ko mai tuƙa moto ko mai suyar ƙosai duk hanyar ɗaya ce.

Amma fa tun farko a gane abu ɗaya, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kira daban, saƙo daban. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, Tecno da Itel da Infinix da Samsung, ba sa tura wa mutum amsa da kansu don kawai ya kira ba ka ɗauka ba. Abin da suke da shi shi ne saƙon da ka rubuta ka ajiye, in kira ya shigo ka taɓa sau ɗaya ko biyu ya tafi. Amsar da ke tafiya da kanta ba tare da ka taɓa komai ba, wannan a WhatsApp Business take, kuma ita saƙo take amsawa ba kira ba. In ka riƙe wannan sauran ba wuya.

Saƙon da ake ajiyewa don masu kira

Wayoyinmu a nan Kamaru yawanci da Faransanci suke, don haka zan rubuta sunayen yadda za ka gan su a fuskar waya. Buɗe wurin kira, wato Téléphone. A sama ta hannun dama akwai ɗigo uku, taɓa su, ka shiga Paramètres, sai ka nemi Réponses rapides. A Samsung da wasu wayoyin sunan ya ɗan bambanta, ka nemi layin da ke maganar saƙo da ƙin ɗaukar kira. Za ka tarar da gajerun saƙonni da kamfani ya riga ya rubuta, a manhajar kira ta Google guda 4 ne. Taɓa ɗaya, goge Faransancin, rubuta naka, ka danna OK.

Ga abin da Malam Sani ya rubuta:

```
Ina kan keken dinki, ba zan iya dauka ba. Zan kira bayan la'asar in sha Allahu.
```

Na biyun ya sa na masallaci, na ukun na lokacin da yake kan moto. Yanzu in Hajiya ta kira, a ƙasan fuskar waya akwai alamar saƙo, ya taɓa ta ya zaɓi na farko, kiran ya yanke saƙon ya isa gare ta.

Ka lura bai ce "zan kira anjima" ba. Anjima ba lokaci ba ne, mai jira zai sake kira bayan minti biyar. Bayan la'asar kowa ya san shi. Kuma bai sa "ka" ko "ki" ba, don saƙon ya dace da namiji da mace.

Wani zai ce malam ai ka yi kuskure, ɗinki da ɗ ake rubutawa. Da gangan aka bar shi haka, kuma maganar kuɗi ce. Wannan saƙo SMS ne, daga kiredinka ake cire kuɗinsa ko daga damin saƙonnin da ka saya. SMS ɗaya na ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. To amma da ka sa harafi mai ƙugiya ko da guda ɗaya ne, ƙ ko ɗ ko ɓ, waya ta koma wani tsarin rubutu wanda SMS ɗaya haruffa 70 kawai yake ɗauka. Haka ma in ka sa ƴan hotunan nan na murmushi ko na addu'a. Saƙon Malam Sani haruffa 79 ne. Ba ƙugiya, SMS ɗaya. Da ƙugiya, SMS biyu, kuma duk wanda ya kira sai an caje ka biyu. A littafin karatu muna rubuta ƙugiya yadda ya kamata, a wannan saƙon kam a bar ta.

Abin da ke lalacewa a nan abu biyu ne. In ba kiredi a layin, kira zai yanke amma saƙo ba zai tafi ba, ita kuwa Hajiya abin da ta gani kawai ka kashe mata waya, wanda ya fi rashin ɗauka muni. Za ka gane haka in ka shiga Messages ka ga alamar ja a jikin saƙon. Mai sim biyu, MTN da Orange, ya tabbata duka layukan akwai abin tura saƙo a ciki. Na biyu, ba kowa ke karatu ba. In ka san mai kiran tsohuwa ce da ba ta karanta boko, saƙo bai amfane ta da komai ba, gara ka ɗauka ka ce "Inna ina kan aiki, zan kira ki bayan sallah", ka ajiye.

In ba ka kusa da wayar ma

To in waya na caji a shagon maƙwabci fa, ko Malam Sani ya tafi kasuwa sayen zare ya bar ta? Nan ba mai taɓa saƙo. Abin da ya fi shi ne kiran ya koma wayar wani, misali yaron shagonsa. Ana yin sa da lamba, kuma har ƙaramar waya mai maɓalli tana yi. Ka buga kamar za ka yi kira:

```
**61*6XXXXXXXX**20#
```

Inda aka sa 6XXXXXXXX ka sa lambar yaron, lambobi 9. 61 na nufin in an kira ba a ɗauka ba. 20 ɗin daƙiƙa ne, wato wayarka ta yi ruri na daƙiƙa 20 kafin kiran ya tsallaka, kana iya sa daga 5 zuwa 30, biyar-biyar. In ka sa 62 a maimakon 61 ka cire maganar daƙiƙa, to na lokacin da waya ke kashe ne ko ba rezo. 67 kuma, shi ma ba daƙiƙa, na lokacin da kake kan wani kiran. In ka so ka cire duka gaba ɗaya:

```
##002#
```

Yawanci kai mai juya kiran kai ake cajin ɓangaren da ya tafi wayar yaro, kamar kai ka kira shi, don haka duba kiredinka kafin da bayan gwajin farko. Kuma ka gaya wa yaron abin da zai faɗa, kar ya tsaya yana kame-kame. "Hajiya ina wuni, maigida ya fita, ya ce zai kira ki bayan la'asar." Shi ke nan. Kar ya yi alkawarin ranar karɓar kaya da bakinsa. Sannan kar a manta a cire, na sha ganin mutum ya saita ranar kasuwa ya manta, kira na ta tafiya wajen yaro har da na iyali.

Amsar da ke tafiya da kanta

Yanzu kwastomomi da yawa ba sa ma kira, hoton ɗinki suke turowa ta WhatsApp, wani ƙarfe sha ɗayan dare. Nan ne WhatsApp Business ke aiki. Manhaja ce daban da WhatsApp ɗin da aka saba, ta fito a 2018, kyauta ce. Lamba ɗaya ba ta zama a duka biyun lokaci guda, in za ka koma da lambarka sai ka fara adana hirarrakinka tukuna don kar su ɓace.

Da farko Malam Sani ya shiga bayanan shagonsa ya sa lokacin buɗewa da rufewa, 8 na safe zuwa 6 na yamma. Wannan matakin dole ne, in ba a sa ba zaɓin da muke so ba zai yi aiki ba. Daga nan ya shiga Outils professionnels, ya taɓa Message d'absence, ya kunna, ya rubuta: "Salamu alaikum, shago a rufe yake yanzu. Muna buɗewa ƙarfe 8 na safe. A turo hoton ɗinkin da ranar da ake so, za mu amsa da safe." A nan sa ƙugiyarka yadda kake so, ba a ƙirga haruffa a caje ka.

Wajen lokaci zaɓi uku ne. Toujours envoyer na tura wa kullum ko shago na buɗe, wannan sai in ka yi tafiya, a ce ka je Marwa biki. Na biyu kai ke zaɓar lokacin farawa da na ƙarewa, ya dace da ranar Juma'a ko ranar Sallah. Na uku shi ne En dehors des heures d'ouverture, wato duk lokacin da shago ke rufe, kuma shi Malam Sani ya ɗauka. A ƙasa akwai wurin zaɓar waɗanda za a tura wa. Ni a ganina a cire iyaye da mata da surukai, don ba daɗi kawunka ya yi maka sallama da dare a amsa masa da cewa shago a rufe yake. In ka gama ka danna adanawa, in ka fita ba ka adana ba aikin banza ka yi.

Iyakarsa ita ce data. Saƙon daga wayarka yake fita, in data ta ƙare ko ka kashe ta da dare ko wuta ta ɗauke batir ya mutu, ba abin da zai tafi a lokacin. Kuma in mutum kiran WhatsApp ya yi bai rubuta komai ba, kar ka sa ran an amsa masa.

Akwai manhajojin da ke cewa za su tura SMS da kansu ga duk wanda ya kira ba ka ɗauka ba. Ban ba ka shawarar su ba, musamman wanda wani zai turo maka daga wayarsa a kasuwa. Suna neman izinin shiga saƙonninka, a can kuma saƙonnin MoMo da Orange Money suke shigowa. Sannan a garin da mutane ke yawan yin bip, kowane bip SMS ɗaya ne daga aljihunka.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya rubuta saƙonsa a takarda tukuna, ya ƙirga haruffan har da tazara, kar su wuce 160, ya duba ba ƙugiya, kuma akwai lokacin da zai kira a ciki. Sai ya sa shi a waya, abokinsa ya kira, ya tura, abokin ya karanta wa aji abin da ya iso. Bayan nan a gwada lambar 61 da wayar abokin, a ƙirga daƙiƙa nawa kafin kiran ya tsallaka, a duba nawa aka cire. Kowa ya buga ##002# kafin a tashi.